Makirufo na ji a ko'ina, sai a manhaja guda ya yi shiru: ina muryar take ɓacewa?

Duk mai gyaran waya a Damagaram ya san wannan kuka. Mutum ya zo da wayarsa ya ce idan ya kira da layi ana jinsa tangaram, idan ya ɗauki murya ya saurara tana fita ras, amma da ya shiga manhaja guda, ita kaɗai, sai na can ɓangaren ya yi ta "alo, alo, ba na jin ka". Daga nan ra'ayi ke rabuwa biyu. Wasu su ce makirufo ya mutu, a buɗe waya a canza shi. Wasu su ce ai tunda yana aiki a sauran wurare, manhajar ce ta lalace, a goge ta a sake saukewa. Sau da yawa duka biyun kuskure ne, kuma kowanne na cin kuɗi ko saƙonnin da mutum ya daɗe yana adanawa.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne babu manhajar da ke taɓa makirufo da hannunta. Tsarin wayar ne, wato Android a mafi yawan wayoyin Tecno, Itel, Infinix da Samsung da ke hannun mutanenmu, yake tsaye a tsakani. Duk manhajar da ke son murya sai ta roƙi tsarin, shi kuma ya duba abu uku kafin ya ba ta: tana da izini? Akwai wata da ta riga ta ko ta fi ta cancanta a wannan lokacin? Kuma ta wane makirufo za a ɗebo mata muryar? Amsoshin nan uku sun bambanta daga manhaja zuwa manhaja a cikin waya guda, a minti guda. Shi ya sa aikin makirufo a nan ba ya zama shaida cewa zai yi aiki a can.

Kafin a taɓa komai, a tambayi irin shirun. Akwai manhajar da ke ƙin fara ɗaukar murya baki ɗaya, ta fito da rubutu tana neman a ba ta dama, ko maɓallin ya ƙi dannuwa. Akwai kuma wadda ke farawa lafiya lau, daƙiƙu na tafiya, kira ya shiga, ana ganin fuskar juna, amma abin da ke isa can fanko ne. Shirun farko kusan kullum maganar izini ce. Na biyu shi ne mai wahalar da mutane, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Maganar izini ba ta da tsawo. Tun daga Android 6, wanda ya fito a 2015, kowace manhaja sai ta nemi izinin makirufo da kanta a lokacin da ta fara buƙatarsa, kuma iznin da aka ba wannan bai shafi waccan ba. Android 11 na 2020 ya ƙara abubuwa da ke kama mutane ba su sani ba. Na ɗaya, a cikin zaɓin da ke fitowa akwai "Uniquement cette fois-ci", izini na sau ɗaya, wanda ke janyewa bayan an bar manhajar. Na biyu, idan aka danna "Ne pas autoriser" sau biyu, tsarin ya daina nuna tambayar, sai dai mutum ya je da ƙafarsa ya buɗe. Yaro da ke wasa da wayar uwarsa yana iya yin wannan cikin ƙiftawar ido. Na uku, manhajar da aka yi watanni ba a buɗe ba, tsarin na karɓe mata izini da kansa. Malamin da ke shiga taron Zoom jefi-jefi, idan ya dawo bayan dogon hutu, yana iya tarar da hakan. Gyaran duka ɗaya ne: a shiga Paramètres, sai Applications, a zaɓi manhajar, a shiga Autorisations, a duba makirufo. Sunayen na ɗan sauyawa daga waya zuwa waya, amma hanyar ke nan.

Wurare biyu ne izini ke ɓuya har mai dubawa ya rantse ya bayar. Mai WhatsApp biyu a waya guda, ɗaya na kasuwa ɗaya na gida, ta hanyar tagwaita manhaja, ya sani cewa ta biyun na da nata izinin daban, don haka ya tabbata wadda ya duba ita ce mai shirun. Sannan wanda ke shiga taro ta burauza yana da ƙofa biyu a gabansa: sai Chrome kanta ta samu izini daga waya, sannan shafin taron ya samu nasa izinin daga Chrome. Ana duba na biyun ne ta alamar da ke gefen adireshin shafi. Kuma Chrome ba ta ba shafin da adireshinsa bai fara da https ba makirufo. Idan kuwa an danna adireshin taron daga cikin wata manhajar zumunta ya buɗe a ƙaramar burauzarta ta ciki, abin da ya fi sauƙi shi ne a kwafe adireshin a buɗe shi a Chrome kai tsaye.

To, a ce izini na nan daram, ɗaukar murya na tafiya, amma babu komai a ciki. A nan ne mutane ke rikicewa, domin waya ba ta nuna wani kuskure. Dalilin rashin nuna kuskuren shi ne da gangan aka gina ta haka. Kafin Android 10, ƙa'idar ita ce wanda ya riga ya kama makirufo shi ke da shi, na biyu kuwa ba zai ma iya fara ɗauka ba. Daga Android 10, a 2019, aka sauya. Yanzu manhajoji biyu na iya buɗe ɗaukar murya a lokaci guda, amma idan duka na gama-gari ne, irin waɗanda mutum ke saukewa da kansa, guda ce ke samun muryar gaske, ɗayar kuma tsarin ya riƙa miƙa mata shiru. Kamar layin famfo ne da aka ƙyale mutum biyu su ajiye jarka, amma ruwa na zuba a ɗaya kawai, mai ɗayar kuma bai sani ba sai ya ɗaga ya ji ba nauyi. Manhajar da aka ba shirun za ta ci gaba da ƙirga daƙiƙu, ta adana, ta aika, duk a banza.

Wa ake fifitawa? Ƙa'idar na da tsari. Kiran waya da ke gudana shi ne kan gaba, manhaja ta gama-gari ba ta samun komai muddin yana tafiya. Bayan haka tsarin na ɗaukar murya iri biyu a matsayin masu sirri: ta hira kai tsaye, irin kiran WhatsApp ko Zoom, da ta ɗaukar bidiyo da kyamara. Mai ɗayan waɗannan na rinjayar mai ɗaukar murya ta gama-gari, ko da ta gama-garin ce ke buɗe a fuskar waya, ko da ita ce ta zo daga baya. Idan kuma duka biyun na gama-gari ne, wadda ke kan fuska ita ke ci. Ni a ganina wannan tsari daidai ne, domin shi ke hana wata manhaja ta laɓe tana naɗe hirarka da iyalinka. Sai dai kuɗin da ake biya shi ne wannan shiru marar bayani.

Ga yadda yake faruwa a zahiri. Mutum na cikin kiran rukuni na ƴan uwa, hira ta yi tsawo, ya fita daga fuskar kiran bai kashe shi ba, ya shiga wata manhaja don ya aika wa abokin ciniki saƙon murya. Saƙon zai tafi fanko, domin kiran da ke baya ya fi shi matsayi. Haka mai kunna abin ɗaukar fuskar waya yana son ya naɗi kiran bidiyo: hoto zai fito, murya babu. Haka ma manhajojin naɗar kira da ake turo wa juna ta Xender, waɗanda mafi yawansu a sababbin wayoyi ba sa kama komai sai shiru, wasunsu kuma a tsofaffin wayoyi su riƙe makirufo su hana wasu. Akwai kuma wata ƙa'ida tun Android 9: manhajar da ta koma baya ba tare da ta nuna sanarwar cewa tana kan aiki ba, ana yanke mata makirufo. Wanda ke cewa "ana jina, amma da na fita na duba wani saƙo sai murya ta ɗauke" ya duba nan, ya kuma duba ko tsarin tanadin batir na wayarsa ba shi ke danne manhajar ba.

Gano wannan ya yi sauƙi a wayar da ke da Android 12 ko sama da haka, wato daga 2021. Duk lokacin da wata manhaja ta buɗe makirufo, ɗigo kore na fitowa a saman fuska. Idan ka ja labulen sanarwa ka taɓa alamar, za ta faɗa maka sunan mai amfani da shi. Idan ɗigon na nan tun kafin ka buɗe manhajar da ke maka shiru, ka kama mai laifi. A cikin saitin sirri kuma akwai shafin da ke jera manhajojin da suka taɓa makirufo a cikin awa 24 da suka wuce, da lokacin kowace. A iPhone ɗigon ruwan lemo ne, tun iOS 14. Mai tsohuwar waya da ba ta da ɗigo, ya kashe ta ya kunna, ya buɗe manhajar nan ita kaɗai kafin komai. Idan murya ta dawo sannan ta sake ɓacewa bayan an buɗe wasu, to rigimar riƙon makirufo ce.

Saura tambaya ta uku, wadda a garinmu na fi zarginta saboda ƙura. Wayoyi da yawa ba makirufo ɗaya gare su ba. Akwai na ƙasa, ƙaramin rami kusa da wurin caji, wanda ke daidai da baki idan an kara waya a kunne. Akwai na biyu a sama ko a baya kusa da kyamara. Wasu ƙananan wayoyi masu sauƙin kuɗi na ƙasan kaɗai gare su, kuma wannan bayani bai shafe su ba. Manhaja ba ta cewa "ba ni na sama" ko "ba ni na ƙasa" a mafi yawan lokaci. Abin da take faɗa wa tsarin shi ne irin aikin da za ta yi: ɗaukar murya ce zalla, ko hira, ko bidiyo. Kamfanin da ya ƙera wayar shi ya riga ya tsara wane makirufo ke tafiya da wane aiki. Saboda haka manhajoji biyu a waya guda na iya sauraron ramuka biyu daban.

A ɗauki misalin wata Hajiya mai saida atamfa daga gida a unguwar Birni. Da masu sayen kaya tana magana ta kiran layi da saƙon murya, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ya jinta. Ɗanta kuwa yana Agadas, da shi kaɗai take kiran bidiyo, ta wata manhaja da ya sa mata don haka. Tun shigowar hunturu yake cewa muryarta na zuwa kamar daga cikin rijiya, daga baya ta ɗauke sam. A ganinta, kuma ba laifinta ba ne, manhajar ce ta lalace, tunda ita kaɗai ke yi.

Mai gyara da ya san aikinsa ba zai ɗauki sukundireba ba tukuna. Zai duba izini, ya ga yana nan. Zai kira ta manhajar, ya ga ɗigo kore ya fito da sunanta, alamar cewa ta samu makirufo kuma babu mai riƙe da shi kafin ta. Zai duba maɓallin toshe murya na cikin kiran, ya ga a buɗe yake. Sannan ya ce, "Hajiya, ki kira lambata da layi, ki kara a kunne." Ta kira, yana jinta sarai. "To ki danna lasifika, ki ci gaba da magana, kada ki matso da ita bakinki." Tana dannawa murya ta nutse. A nan magana ta ƙare, domin ga shirun ya bayyana a kiran layi, inda manhajar ɗanta ba ta da hannu ko kaɗan. Don ƙarin tabbaci ya ɗauki ɗan bidiyo da kyamara yana magana, ya saurara, ya ji shi ma a dushe yake.

Abin da ya faru shi ne kiran bidiyo na buɗe lasifika da kansa, tunda ba a kara waya a kunne ana kallon fuska. A wayarta, da zarar an koma lasifika, tsarin na jingina ga makirufon sama. Ramin nan kuwa ƙura ta haɗu da maiƙon hannu ta toshe shi. Manhajar ɗanta ce kaɗai ke bi ta wannan rami a rayuwarta ta yau da kullum, shi ya sa laifin ya faɗa kanta. Da an goge ta an sake saukewa sau goma, ba abin da zai sauya. Da an canza makirufon ƙasa, wanda shi aka saba canzawa, an cire lafiyayye an bar marar lafiya, ta biya jikkunanta ta koma gida da matsalarta.

Akwai akasin wannan, kuma ya fi ban mamaki. A lokacin hira, waya mai makirufo biyu na amfani da su tare don rage hayaniya. Dabarar ita ce muryar mai magana na isa na ƙasa da ƙarfi, ta isa na sama da rauni, alhali ƙarar babura da hayaniyar kasuwa na isa duka biyun kusan daidai. Abin da ya zo daidai a duka biyun sai a ɗauke shi hayaniya a danne. To idan na ƙasan ya toshe rabi, murya ba ta ƙara fin ƙarfi a can, sai tsarin ya lissafa ta cikin hayaniya ya danne ta. Manhajar ɗaukar murya zalla ba ta bi ta wannan tacewa, don haka za ta kama muryar, ƙasa-ƙasa amma ana ji. Mai wayar sai ya ce ai ga shi yana ɗauka, kira ne kawai ba a jinsa. Alamar wannan ita ce murya mai yankewa, farkon kalma ya fito ƙarshenta ya ɓace, kuma a wasu wayoyin komawa lasifika na gyara ta maimakon ɓata ta.

Gyaran toshewa na buƙatar haƙuri. A fara cire rigar waya a gwada, domin rigar da ba ta wayar ba ce takan rufe ramin sama ɗungurungum, haka ma gilashin kariya da aka manna a karkace. Sannan a share bakin ramin da busasshen buroshin haƙori mai taushi, ramin na kallon ƙasa don ƙurar ta zubo. Kada a cusa allura ko tsinken cire kati. Bayan ramin akwai siririyar raga da ke tare ƙura da danshi, kuma fasa ta na mayar da ƙaramar matsala babba. Abin takaici, a wayoyi da yawa ramin makirufon na kama da ramin fitar da katin layi, kuma mutane kan soka tsinke a wanda ba shi ba. Idan shara ba ta yi ba, to a kai wa mai gyara, amma a faɗa masa sakamakon gwajin lasifika don ya san wane makirufo zai nema.

Bluetooth ma na sauya hanyar murya ba tare da sanarwa ba. Abin kunne marar igiya na da hanya biyu da waya: ta sauraron sauti, da ta hira, wadda ke buɗe makirufon da ke jikinsa. Manhajar ɗaukar murya da kyamara galibi na zama a kan makirufon waya ko da an haɗa abin kunnen, amma manhajar kira na komawa na abin kunnen. Idan yana cikin aljihu a kunne, ko a ɗaki an manta ba a kashe ba, ko wayar ta haɗu da rediyon mota da ke tsaye a ƙofar gida, muryarka ana nemanta a can ne. Kashe Bluetooth a sake kira ya isa ya tabbatar ko ya kore wannan. Abin kunne mai igiya da makirufonsa ya lalace, ko datti a ramin da ake soka shi har waya ta ɗauka an soka, su ma haka suke yi, sai a duba ko alamar abin kunne na saman fuska alhali ba a sa komai ba.

Sai bayan duk wannan ne zargi ke sauka kan manhajar kanta, kuma wani lokacin ita ɗin ce. Tsohon kwafi da aka turo daga wata waya yana iya kasancewa an gina shi kafin waɗannan ƙa'idoji, kuma irin wanda aka yi kafin zamanin Android 6, idan an hana shi izini, ba ya tambaya, shiru kawai yake karɓa. Kwafin bogi na manhajojin hira da aka yi wa kwaskwarima su ma ba abin dogaro ba ne a nan. A sabunta daga Play Store, a gwada. Idan za a share, a fara da "Vider le cache", wanda ba ya taɓa saƙonni. Share bayanan manhaja gaba ɗaya, ko cire ta, yana iya tafiya da hirarraki da hotunan kaya idan ba a yi ajiyarsu ba, don haka a yi ajiyar tukuna. Mayar da waya sabuwa fil kuwa ba ya buɗe ramin da ƙura ta toshe, kuma iznin da yake gyarawa ana iya gyara shi daga Paramètres ba tare da an rasa ko lamba ɗaya ba.